Bil ɗin ƙiyasi: yadda ake gane shi, da yadda ake neman a gyara lissafin kuɗin wuta

Idan aka kawo maka bil ɗin wuta wanda babu wanda ya zo ya karanta mitarka kafin a rubuta shi, dole ne ka biya abin da ke ciki? Wannan tambaya ce da ke yawan tasowa a gidajen haya na Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi ta ƙasar Ghana, musamman a ƙarshen wata, lokacin da mai gida ya fito da takardar kamfanin wuta na ECG don a raba kuɗi. Wasu kan ce kada a biya ko pesuwa ɗaya sai an zo an duba. Wasu kuma su ce ai ba a ja da kamfanin wuta, a biya a huta. Duka biyun suna jawo asara, kuma dalilin ɗaya ne: mutane suna gardama a kan sidi, alhali maganar ta yunit ce.

Mene ne ƙiyasi, kuma me ya sa ake yin sa

Mitocin gida iri biyu ne. Akwai wadda ake saya wa wuta tun kafin a sha, akwai kuma wadda ake sha sai wata ya ƙare a kawo bil. Maganarmu a kan ta biyun take, duk da cewa za mu ga inda take shafar ta farkon.

Mitar bil ba ta komawa sifili a farkon wata. Kamar ma'aunin tafiyar mota take, lambobinta gaba kawai suke yi tun ranar da aka kafa ta. Abin da take ƙirgawa shi ne yunit, wanda ake rubutawa kWh a fuskarta. Na'ura mai cin wat 1,000 idan ta yi awa ɗaya tana aiki, yunit ɗaya ke nan. Saboda haka bil na gaskiya lissafin ɗebewa ne kawai: karatun wannan wata, a cire karatun watan jiya, abin da ya saura shi ne abin da gidan ya sha.

Ƙiyasi yana shigowa ne idan aka rasa karatun wannan wata. Sai kamfani ya kintata, galibi bisa abin da gidan ya saba sha a baya, ya ƙara wannan adadi a kan tsohon karatu, ya fitar da bil. Dalilan rasa karatu suna da yawa, kuma ba duka ne laifin kamfani ba. Mai karatu kan zo ya tarar da ƙofa a rufe, ko mitar tana cikin ɗakin wani da ya tafi kasuwar Kejetiya tun asuba. Wani lokaci gilashin mitar ya dushe, ko fuskarta ta mutu. Wani lokaci kuma ba a zo ba ne kawai, ko an zo amma karatun bai shiga na'urar lissafi ba. Daga ɓangaren kamfani hujjar ita ce wuta ta riga ta shiga gidan, ba zai yiwu a bar wata ya wuce babu bil ba. Wannan hujja tana da ƙarfi idan wata ɗaya ne ko biyu. Idan aka jera rabin shekara ana kintace, ta raunana, domin gida yana sauyawa: ɗan haya mai firji biyu ya tashi, mai ɗinki ya mayar da kekensa shago, amma ƙiyasin yana nan yana bin tsohon hali.

Yadda za ka gane bil ɗin kintace ne

Ba sai ka jira wani ya faɗa maka ba. Ɗauki bil ɗin ka je gaban mita. Da farko ka duba lambar mitar da ke jikin takarda ta yi daidai da wadda ke jikin mitar. A gidan da aka jera mita biyar ko shida a bango ɗaya, yakan faru a riƙa kawo wa mutum lissafin maƙwabcinsa shekara guda ba wanda ya lura.

Sannan ka kwatanta karatun ƙarshe da ke kan bil da abin da mitar take nunawa yau. Tunda mita gaba take yi, dole abin da take nunawa yau ya ɗara na kan takarda da ɗan abin da aka sha tun ranar karatu. Idan ka ga na takarda ya fi na mita, to magana ta ƙare, an caje ka wutar da ba ta bi ta mitarka ba. Idan kuma mita ta yi wa takarda nisa ƙwarai, an rage maka ne, kuma bashi yana taruwa a ɓoye. Wata alamar ita ce yunit iri ɗaya cif wata bayan wata. Babu gidan da yake shan wuta daidai wa daida a watan zafi na Maris da watan sanyin damina na Agusta.

A yi hattara wajen karatun. Sababbin mitoci suna juya abubuwa da dama a fuskarsu, kwanan wata, lokaci, ƙarfin wuta, sai ka jira wanda ke da kWh a gefensa. Lambar da ke bayan ɗigo, ko wadda ke cikin jan gida a tsofaffin mitoci, ɓangaren yunit ce, ba a haɗa ta. Mai karanta 1570.3 a matsayin 15703 ya ninka wa kansa wuta sau goma, kuma ma'aikaci ma yana iya yin wannan kuskure.

Lissafin gyara, da misalin gida ɗaya

Mu ɗauki misalin gidan wata Hajiya a Aboabo, mita ɗaya, ɗakunan haya huɗu. Farashin da zan yi amfani da shi na misali ne don lissafi ya yi sauƙi: sidi 2 kowane yunit har zuwa yunit 300 a wata, abin da ya haura 300 kuma sidi 2 da rabi. Farashin gaskiya hukumar PURC mai sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa ce ke yanke shi, kuma yana kan bil ɗinka. Amma tsarin haka yake, wato wanda ya sha da yawa, yunit ɗinsa na sama sun fi tsada.

Karatun gaskiya na ƙarshe an yi shi a ƙarshen Janairu, mita tana kan 14,200. Daga Fabrairu zuwa Yuli, wata shida, ana kawo bil na yunit 400 kowane wata. Kowane bil ya kama sidi 850: yunit 300 na farko sidi 600, sauran 100 ɗin sidi 250. A wata shida an caji gidan sidi 5,100, kuma takardar Yuli tana cewa mita ta kai 16,600. Hajiya ba ta yarda da bil ɗin ba, amma ba ta daina biya ba, tana tura sidi 600 duk wata. Ta biya 3,600 ke nan, takarda kuma tana nuna ana bin ta 1,500.

Ranar ƙarshe ta Yuli ɗanta ya hau kujera ya duba mita, ya ce, "Hajiya, ai 15,700 take nunawa." Daga nan lissafin gyara yake farawa. A cire 14,200 daga 15,700, saura yunit 1,500. Wannan shi ne duk abin da gidan ya sha a wata shida, ko da wa ya zo ko bai zo ba, domin mita ba ta yi hutu ba don mai karatu ya yi. A raba shida, yunit 250 a wata. Kowane wata yana ƙasa da 300, saboda haka sidi 500 ne, wata shida sidi 3,000. Hajiya ta biya 3,600. Ba a bin ta 1,500, ita ce ma take da rarar 600 a wajen kamfani.

Akwai wani wuri a nan da mutane kan yi sake. Yunit ɗin da aka ƙara wa gidan 900 ne. Idan wani ya ce a ninka 900 da sidi 2 a cire, zai cire 1,800, ya ga kamar an yi adalci. Amma bambancin 5,100 da 3,000 shi ne 2,100. Ina sidi 300 suka maƙale? Daga cikin yunit 900 ɗin nan, 600 an caje su ne a farashin sama, ɗari-ɗari kowane wata. Shi ya sa ba a neman "ragi". Abin da ake nema shi ne a soke bil ɗin watannin a sake lissafa kowane wata da yunit ɗinsa na gaskiya. Harajin fitilun titi da na kai wuta karkara, da yake kaso ne na kuɗin wutar da aka sha, su ma sai su sauka tare. Kuɗin hidima na wata-wata shi ne ba ya motsi, ko ka sha ko ba ka sha ba.

Idan ƙiyasin ragewa ya yi

A nan ne ake samun wanda ya je ƙorafi ya dawo da bashi, sai ya ce an yi masa ramuwa. Ba ramuwa ba ce, mitar ce dai. Mu juya misalin. A ce wata biyar ana kawo wa gidan yunit 150, sidi 300, kowa yana murna wuta ta yi araha. A wata na shida aka zo aka karanta, aka ga 15,700. Yunit 750 kawai aka caja daga cikin 1,500, saboda haka sauran 750 za su faɗo cikin bil ɗin Yuli gaba ɗaya.

Wannan wuta an sha ta, kuma biyanta wajibi ne. Amma dubi yadda za a lissafa ta idan aka ɗauke ta kamar ta wata ɗaya ce: 300 na farko sidi 600, sauran 450 a farashin sama sidi 1,125, jimla 1,725. A haɗa da 1,500 da aka biya a wata biyar, ya zama 3,225. Mun kuwa riga mun ga kuɗin gaskiya 3,000 ne. Gidan bai taɓa haura yunit 300 a wata ba, amma an caje shi farashin masu haurawa, don kawai an tara masa wata shida a takarda ɗaya. Sidi 225 ɗin nan haƙƙinsa ne ya nemi a cire, ta hanyar a baza yunit ɗin a kan watannin da aka sha su.

Abin ya fi yi wa ƙaramin mai sha zafi. Akwai rangwamen farashi ga wanda bai wuce yunit 30 a wata ba, kamar tsohuwa mai ɗaki ɗaya da ƙwan fitila da rediyo. Idan aka tara mata wata uku a bil ɗaya ta fita daga wannan rukuni, ta biya farashin da ba nata ba.

Sai kuma batun sauyin farashi. PURC tana duba farashin wuta da ruwa duk bayan wata uku, tana la'akari da darajar sidi a kan dala, da hauhawar farashi, da kuɗin man da ake samar da wutar da shi. Idan an ƙara kuɗi a tsakiyar watannin ƙiyasi, wutar da aka sha kafin ƙarin tsohon farashi ya kamata ta ci. Bil ɗin da ya tara komai a watan ƙarshe ya ɗora mata sabo.

Inda mita ba za ta raba gardama ba

Duk abin da na faɗa ya dogara ne a kan mita mai lafiya. Idan ta tsaya ko fuskarta ta mutu, babu karatun da za a koma gare shi, dole a yi ƙiyasi. Gardamar a nan sai ta koma kan me aka gina ƙiyasin. Tsofaffin bil na lokacin da mitar take aiki su ne shaida, ko kuma abin da sabuwar mita za ta nuna a watanninta na farko. Wanda ya iya nuna cewa ɗakuna biyu sun yi wata uku babu kowa a ciki yana da abin faɗa.

Idan kana zargin mitar gudu take yi, akwai gwajin da za ka yi ba tare da ka taɓa ta ba. Kashe babban makunnin da ke raba wa gidan wuta bayan mita, ka tsaya ka duba ƙaramar fitilar da ke ƙiftawa a jikinta, ko faifan da ke juyawa a tsohuwar mita. Idan suka ci gaba alhali komai a kashe, ko dai mitar ce, ko wani ya ja waya tsakanin mita da makunnin. Idan suka tsaya, kunna makunnin amma a kashe duk kayan wuta na ɗakuna. In ƙiftawar ta dawo, wuta tana zurarewa ta wata tsohuwar waya a cikin gida, ko tana tafiya wani wuri da ba ka sani ba. Wannan kuwa kamfani ba zai yafe ba, domin abin da ya wuce mita na mai gida ne. Gwajin da hukuma za ta karɓa shi ne wanda ma'aikatan kamfani suka yi, sai a rubuta a nema. Kada a bari wani mai gyaran wuta na unguwa ya yanke hatimin mitar wai zai duba. Da zarar hatimi ya karye, ƙorafinka na bil ya zama tuhumar satar wuta a kanka.

Wani wurin da kuɗi ke salwanta shi ne ranar sauya mita. Ana cire tsofaffin mitocin bil ana kafa na saye-kafin-sha, kuma bashin tsohuwar yakan bi mutum zuwa sabuwar, a riƙa zare wani abu duk lokacin da ya sayi wuta. Idan bashin na ƙiyasi ne, kuma an tafi da tsohuwar mitar ba ka ɗauki hotonta ba, shaidarka ta tafi a bayan mota. Kafin a kwance ta, a ɗauki hoton karatunta na ƙarshe da lambarta, a tabbatar abin da ma'aikacin ya rubuta a takardarsa shi ne abin da ke fuskar mitar.

Ta ina ake bi

Ofishin ECG na gundumar da gidan yake shi ne matakin farko. A tafi da hoton mita wanda karatu da lambar mita suka fito a ciki tare, da bil na ƙarshe da aka yi karatun gaskiya, da duk na watannin ƙiyasi, da shaidar biya. Tunda yanzu yawancin biya ta waya ake yi, ta momo ko ECG PowerApp ko *226#, saƙonnin da ke shigowa bayan biya su ne rasit, kada a goge su. Ya fi kyau a sami hoto biyu, tsakaninsu mako ɗaya ko biyu, domin su nuna mitar tana tafiya kuma su nuna saurin tafiyarta.

A rubuta ƙorafin, kada a tsaya ga baki. Wanda ya shiga ofis ya ce "kuɗin ya yi yawa" bai ba ma'aikaci abin da zai yi aiki da shi ba. Takardar Hajiya gajeruwa ce: lambar asusu da ta mita, karatun ƙarshen Janairu 14,200, karatun da bil ɗin Yuli ya nuna 16,600, abin da mita take nunawa 15,700 a rana kaza. Sai buƙatu uku: a turo ma'aikaci ya karanta mitar a gabanta, a sake lissafin Fabrairu zuwa Yuli wata-wata da farashin kowane wata, a ba ta bayanin asusu a rubuce wanda ke nuna abin da aka soke da abin da ya saura. A yi kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi gida. Idan an ba da lambar ƙorafi a rubuta ta a jikinsa.

Game da biya, ra'ayina shi ne Hajiya ta yi daidai da ba ta tsaya ba. Ƙa'idojin PURC suna kare wanda ya shigar da ƙorafi a kan bil daga yanke wuta matuƙar yana ci gaba da biyan abin da ya dace. Wanda ya ƙi biyan komai ya zubar da wannan kariya da hannunsa, ranar da masu yanka suka zo kuma ba shi da abin nunawa. Abin da ya dace ɗin ma kana iya fitar da shi da kanka, ka karanta mitarka ranar farko da ranar ƙarshe ta wata, ka ninka da farashin da ke kan bil.

Idan kamfani bai amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai PURC. An kafa ta a 1997 a ƙarƙashin doka mai lamba 538, kuma sauraron ƙorafin masu shan wuta da ruwa yana cikin aikinta. Hedikwatarta tana Akra, tana da ofis a Kumasi. Abin da za ta fara tambaya shi ne ko ka kai wa kamfanin kukanka, a nan ne kwafin nan mai hatimi zai yi rana. Takan nemi bayani daga kamfani ta sasanta, in abin ya ƙi ta zauna ta yanke hukunci. Bil ɗin ruwan famfo ma hanyarsa ke nan, sai dai ma'auninsa mita-kubik ne, wato lita 1,000, ofishin farko kuma na kamfanin ruwa ne.

Rarar ta wa ce a gidan haya

Idan gyara ya tabbata, kada a sa ran za a ƙirgo kuɗi a miƙa. Galibi a asusu ake zuba rarar, bil na gaba ya riƙa ci daga ciki. A gidan mutum ɗaya wannan ba matsala. A gidan haya kuwa sabuwar magana ce, domin sidi 600 ɗin da Hajiya ta biya fiye da kima ba daga aljihunta kaɗai suka fito ba. An raba su ne a kan ɗakuna bisa tsarin poyin da aka saba, fitila poyin kaza, fanka kaza, firji kaza. Idan mai ɗaki na uku ya tashi a watan Yuni wani ya shigo a Agusta, sabon zai ci rangwamen kuɗin da bai biya ba, wanda ya biya kuma yana can Tafo bai ma san an yi gyara ba. Haka in aka juya: bil ɗin tara-bashi ya faɗo a kan wanda ya shigo jiya, ya biya wutar da firjin wani ya sha a watan Maris.

Kamfani ba ruwansa da wannan, sunan da ke kan asusu kawai ya sani. Maganinsa littafi ne na gida, wanda ake rubuta karatun mita ranar ɗaya ga kowane wata, da ranar da wani ya tashi ko ya shigo, da abin da kowane ɗaki ya bayar. A misalinmu, idan ɗaki na uku yana ɗaukar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gida, ya biya sidi 150 a wata maimakon 125. Daga Fabrairu zuwa Yuni, wata biyar, Hajiya tana riƙe masa sidi 125.